Gidan miliyan 12, saura shekara 12 ritaya: waɗanda suka ci bashin gida, ya kuka ƙare?

Baban Sadiq, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Katsina, shekaruna 48. Tun da na kama aiki ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashina, a takardar albashi an rubuta NHF, wato Asusun Gidaje na Ƙasa. Na ga gida ɗaki uku a wajen Kwaɗo, mai shi ya tsaya a kan miliyan 12. Abin da ke shigo mini a wata bayan an yanke komai naira 210,000 ne. An ce mini in na kawo kashi 10 cikin ɗari na kafin alƙalami, miliyan 1.2 ke nan, za a ba ni sauran in biya cikin shekara 30. Na gaji da haya, yara sun girma. Don Allah duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya gaya mini abin da ya tarar.

Malam Ɗan Marusa:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, na bi ta a 2021, kuma abin da aka gaya maka rabinsa ne gaskiya. Lokacin da na nema, bashin da bai wuce miliyan 5 ba babu kafin alƙalami, daga nan zuwa miliyan 15 kashi 10 ne, kuɗin ruwa kashi 6 a shekara, wa'adi har shekara 30. Amma shekara 30 ɗin iyaka ce, ba kowa ake ba ba. Ana duba shekarun da suka rage maka a aiki, ko ka cika 60 a duniya ko 35 a aiki, duk wanda ya riga zuwa. Kai 12 suka rage maka in ta haihuwa za a bi.

Ga inda lissafin yake juyawa. Ba za su yarda abin da ake cire maka a wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi ba. Naka 70,000 ke nan. A kashi 6, in za a biya cikin shekara 12, kowace miliyan ɗaya tana cin kusan 9,760 a wata. Raba 70,000 da wannan, za ka ga bashin da albashinka zai iya ɗauka bai wuce miliyan 7.2 ba. To gidan miliyan 12 ne. Ke nan abin da za ka kawo da hannunka kusan miliyan 4.8 ne, ba 1.2 ba. Kashi 10 ɗin nan mafi ƙaranci ne kawai.

Da a ce yaro ne ɗan shekara 30 mai albashi irin naka, shi zai iya samun shekara 30 ɗin. Zai kawo miliyan 1.2, a ba shi 10.8, a riƙa cire masa kimanin 64,750 a wata. Gida ɗaya, albashi ɗaya, shekaru ne suka raba ku. Ni kaina da na je da tunanin miliyan 9, da aka buga shekaruna sai aka tsaya a 6 da ɗoriya.

Abban Hanif:
Ni fa lissafin kuɗin ruwan ne ya hana ni. Kashi 6 na miliyan 10 dubu 600 ne a shekara. In shekara 20 ne, miliyan 12 ke nan na ruwa kaɗai, ka biya 22. Ka sayi gida biyu a ba ka ɗaya.

Malam Ɗan Marusa:
Abban Hanif, shekarar farko lissafinka ya yi kusa, amma daga nan ya kauce. Ruwan ana ɗora shi ne a kan abin da ya rage, ba a kan miliyan 10 ɗin farko har ƙarshe ba. Duk wata uwar kuɗin tana raguwa, ruwan ma yana raguwa. Miliyan 10 a shekara 20 ana biyan kusan 71,600 a wata, jimilla miliyan 17.2. Ruwa miliyan 7.2 ke nan, ba 12 ba. Inda maganarka ta gida biyu ta tabbata shi ne a shekara 30: wata-wata kusan 60,000, jimilla miliyan 21.6. Kuma a watan farko, cikin wannan 60,000 ɗin, 50,000 ruwa ne, abin da ya taɓa uwar kuɗin bai kai 10,000 ba. Shi ya sa mutum zai shekara biyar yana biya, ya je ya tambayi saura nawa, a ce masa miliyan 9.3, ya ɗauka cutarsa aka yi.

Na Baban Sadiq kuwa, 70,000 sau wata 144 miliyan 10 ne da kaɗan. Ruwansa duka kusan miliyan 2.9. Gajeren wa'adi yana matse mutum a farko, amma ya fi arha nesa ba kusa ba.

Maman Khalifa, Daura:
Ni matsalata ba ta kai ga lissafi ba ma. Gida muka gani a nan Daura, ta hanyar Mai'aduwa, mu da maigidana. Muka kai takardu wani bankin lamunin gidaje, don Bankin Gidaje na Tarayya ba ya ba mutum wannan bashi hannu da hannu, sai ta irin waɗannan bankuna. Tambayar farko ita ce takardar shaidar mallaka. Mai gidan abin da yake da shi takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu. A gari wannan ta isa, kowa ya san gidansa ne. A banki ba ta wuce ba, domin gidan ne jingina, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili a cikin birni sai da amincewar gwamna. Mai gidan ya ce shi ba zai yi zirga-zirgar Katsina neman satifiket ba, mai kuɗi a hannu ya zo ya saye. Baban Sadiq, kafin ka buga kowane lissafi, ka ce a nuna maka satifiket ɗin da idonka, ka sa lauya ya duba a ma'aikatar filaye cewa sunan mai sayarwar ne a kai kuma ba a jinginar da shi a wani wuri ba. In gidan gado ne ka tabbata an raba, duk magada sun sa hannu.

Auwalu Tela:
Ranku ya daɗe, ni ma ina da tambaya. Tun da ana yankar masa kuɗin asusun tun da daɗewa, ba sai a haɗa abin da ya tara a ba shi ya zama kafin alƙalamin ba? Ai kuɗinsa ne.

Hajiya Uwar Marayu:
A'a Auwalu, wannan ba a taɓa shi sai ka yi ritaya ko ka cika shekara 60, sannan ka nemi a maido maka. Yankan da ake yi shi ne ya ba ka damar neman bashin. Kuma ko an ba shi bai taka kara ya karya ba. Wanda ake iya taɓawa shi ne asusun fansho. Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta amince mutum ya ɗauki har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa don kafin alƙalamin gida, in ya yi wata 60 ana zuba masa kuma saura masa aƙalla shekara uku kafin ritaya. Ƙanena ya yi haka. Ba a hannunsa aka ba shi ba, kai tsaye aka tura bankin da ke ba shi bashin. Baban Sadiq, in kana da miliyan 8 a ciki, za ka iya samun 2. Amma ka sani fanshonka na gobe ka rage, ni dai na gaya wa ƙanena haka, ya ce gara ya tsufa a gidansa.

Injiniya Batagarawa:
Abin da ba a faɗa ba tukuna shi ne kuɗin gefe. Nawa gidan miliyan 9 ne. Dillalai suka karɓi la'ada kashi 5, dubu 450. Na biya mai kimanta gida, na biya lauya, na biya kuɗin fom da na sarrafa takardu a banki. Sai kuɗin amincewar gwamna, kuɗin hatimi da na rajista, kuma sau biyu ake wasunsu: na mayar da gidan sunanka, da na jinginar da shi. Ga inshorar gobara da ta rai da ake sabuntawa duk shekara. Da na tattara, na kashe sama da miliyan ɗaya da babu ita a lissafina, kuma ba a saka ta cikin bashin, daga aljihu take fita. Ban sa gyaran wayar wuta da tankin ruwa ba.

Abu na biyu jira. Takarduna sun fi shekara kafin kuɗi ya fito. Cikin wannan lokaci siminti ya tashi, mai gidan ya ƙara dubu 800 a kan farashi, bankin kuma abin da aka amince da shi kaɗai zai biya. Sai da na sayar da filina. Ku rubuta yarjejeniya da mai gida a gaban lauya, da farashi da tsawon lokacin da zai jira, da abin da zai faru da kafin alƙalaminka in bashin bai fito ba.

Na so in guje wa jiran in je bankin kasuwanci, aka ce mini kashi 25 a shekara, kuma zai iya canzawa. A miliyan 10, ruwan watan farko kaɗai ya haura dubu 208. Na fito.

Abban Hanif:
Na karɓi gyara, Malam. Amma ban yarda gajeren wa'adi ya fi ba. A 2019 mafi ƙarancin albashi 30,000 ne, a 2024 ya koma 70,000. Tsadar kaya ta haura kashi 30 a 2024. Wanda aka tsayar masa da 60,000 a wata, bayan shekara goma kuɗin nan ba zai ji shi ba. In dai za a ci, dogon ya fi.

Malam Ɗan Marusa:
Akwai ƙamshin gaskiya, in albashi ya bi tsadar. Nawa bai bi ba sosai, abinci da kuɗin makaranta sun cinye ƙarin. Kuma Baban Sadiq ba shi da wannan zaɓin ma.

Alaramma na Sabuwar Unguwa:
'Yan uwa, ko kashi 6 ne ko 25, ni a wurina riba ce, ban shiga ba. Na je wani banki marar ruwa. Tsarinsu su sayi gidan su sayar maka da riba sananniya, ko ku haɗa hannu ku saya kana biyan haya kana sayen kasonsu a hankali. Amma kada wani ya zaci arha ne. Kafin alƙalamin da suka nema ya fi kashi 10, wa'adin gajere, jimillar kuma ta fi ta asusun gwamnati. Na koma adashe da ƙungiyar ma'aikata, ina gini ɗaki-ɗaki. Baban Sadiq, ka tambayi malamin da ka yarda da shi kafin ka sa hannu.

Baban Sadiq:
Allah Ya saka da alheri. Alaramma, maganarka tana raina, zan tambaya. Na kira mai gidan, ya ce akwai satifiket amma sunan mahaifinsu marigayi ne a kai, su bakwai ne magada. Na duba fansho, kashi 25 zai ba ni kusan miliyan 1.7, ina da 1.5 a ajiye. In na haɗa 4.8 da kuɗin gefen da Injiniya ya faɗa, saura kusan miliyan 3 ban da su. Uwargida malamar asibiti ce, ita ma ana yankar mata, shekarunta 39. Akwai wanda ya taɓa haɗa albashi da iyalinsa aka ba su bashi ɗaya? In haka ne, shekarun wa ake dubawa, kuma sunan wa ake sawa a takardar gidan?