Shawarwarin da aka ba mai labarin saƙon ɓoye

A zaman marubuta na Gombe, wata matashiya ta karanta gajeren labarinta: ɗan wa da ɗan ƙane sun tono tsohon gem a akwatin kakarsu, suka ci karo da saƙon da maginin gem ɗin ya ɓoye a ciki. Ga abin da aka fi tsayawa a kai.

Yawancinmu mun ce saƙon ya bayyana da arha, yaro ya danna maɓalli kawai sai ga shi. Wani mai gyaran kwamfuta ya kawo misalin Adventure, gem na na'urar wasa ta Atari 2600, wanda ya fito a 1980. Sai mai wasa ya shiga wani lungu na baƙar fada, ya ɗauko ɗigo guda mai launin ƙasan ɗakin, ya kai shi wani ɗaki, sannan bango ya bari a wuce a ga "Created by Warren Robinett". Ya ce mata: "Ƙanwata, ki wahalar da yaran nan haka. Ɗaya ya lura da ɗigon, ɗayan ya gano inda za a kai shi."

Aka kuma nemi dalilin ɓoyewar. Robinett, maginin Adventure, ya yi nasa ne domin a lokacin kamfanin Atari ba ya sa sunan masu rubuta gem. Ni ma nan na fi ba ƙarfi, don maginin nata ba shi da wani ciwo a rai tukuna.

An yi saɓani kan ko saƙon ya zama na mahaifin ɗayansu. Wasu sun so haka, wasu suka ce katarin ya yi yawa.