An ce in haɗa darasi kan gajiyar ma'aikatan asibiti, ta ina zan fara?

Hajara (Aboabo): Salam 'yan uwa. Ni nas ce a nan Kumasi, incaji ta ce in haɗa darasin awa 2 kan banawut, wato matsananciyar gajiyar aiki, ga ma'aikatan wad ɗinmu. Na shirya motsa jiki da jan numfashi, ya isa ko da saura?

Malam Awudu: Ya isa 'yar uwa, ki ƙara da barci da zikiri. Ai gajiya ce, mutum ya huta asabar da lahadi ta wuce.

Dakta Rabi: Malam barcin gaskiya ne, amma wannan ba ta wucewa da hutun kwana biyu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsala ce da wurin aiki ke haifarwa, alamunta uku, ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe har ki ji kina cewa "gado na 6" maimakon sunan mara lafiya, sai jin aikinki bai da amfani. Binciken da aka tattara a 2017 ya nuna gyaran tsarin aiki ya fi horar da mutum shi kaɗai tasiri, don haka ƙanwata fara da rosta. A ce ku 9 ne, mutum 2 kowane dare, wata guda duti 60 ke nan, idan an cire incaji da mai shayarwa da mai ciwon baya to mutum 6 ke ɗauka, dare 10 kowacce. Ki sa wannan lissafin a allo gaban manya, ki nemi abu guda, kada dare ya wuce 3 a jere sai hutu. Dokar ƙwadagon Ghana ta 2003 ma ta ba ma'aikaci hutun shekara na ranakun aiki 15 aƙalla, ki ƙirga su wa suka ci nasu.

Hajara: To numfashin in cire?

Dakta Rabi: Bar shi, minti 20 a ƙarshe, yana taimakawa amma kaɗan ne. Kafin darasin ki auna gajiyarsu da ma'aunin Copenhagen Burnout Inventory, tambaya 19 kyauta ne, na Maslach sai an biya. Kar a rubuta suna, bayan wata 3 ki sake aunawa. Wanda ya fara maganar gara mutuwa kuwa wannan ya wuce darasi, likitan ƙwaƙwalwa a ranar.

Anti Meri: Hmm mu an yi mana irin wannan bara, aka sa shi ƙarfe 9 na safe bayan na sauko daga dutin dare, ina gyangyaɗi ana cewa in ja numfashi, aka raba mana minaral da biskit, na bi layin trotro sai azahar na isa Asawase. Rosta ko harafi ba a taɓa ba. Kuma ku 9 kacal, ko ba suna ai incaji ta san rubutun kowa.

Dakta Rabi: Anti kin yi gaskiya, su cika a waya a haɗa da wani wad.

Hajara: Matsalar ita incajin ce ke rubuta rostan da hannunta, kuma ita ta sa ni aikin 😅