Layin rajista ya ƙi tafiya, ina gyaran yake?

Salamu alaikum. Ni ke kula da rajistar wani taron manoma a nan Maradi, mutum 600, kuma kusan duka suna isowa ne tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe. Tebur huɗu gare mu, kowane mutum yana cin minti ɗaya, wato 240 kawai a awa. Jiya sai da layi ya kai bakin titi, mutane cikin rana.

Na raba teburan bisa harafin farkon suna, sai teburin A ya cushe da su Abdu da Amadu, sauran suna zaune. Wanda babu sunansa a takarda kuma yakan tsayar da layi minti biyar.

Ma'aikata shida ne kawai. Gobe in buɗe tebur shida, ko biyar in ware ɗaya don masu matsalar suna?