Ƙin kaɗa ƙuri'a: wa za a ƙirga?

An tattauna tsakanin sakatarorin ƙungiyoyi kan masu ƙaurace wa ƙuri'a, kuma shawarar da ta fi rinjaye ita ce a duba tsarin mulkin ƙungiya kafin a ɗaga hannu.

Wata sakatariya ta kawo misali. Mutum 20 sun halarci taro, 9 sun ce e, 6 sun ce a'a, 5 sun ƙaurace. Idan dokar ta ce rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa, ƙudurin ya wuce, domin 9 ya haura rabin 15. Idan kuwa ta ce rinjayen mahalarta, sai an samu 11, ƙudurin ya faɗi ke nan. A nan ƙauracewa ta yi aikin a'a, ko da masu ita ba haka suka nufa ba.

Wani ya tuna da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake buƙatar ƙuri'a 9 cikin 15, amma ƙauracewar ƙasa mai kujerar dindindin ba ta zama hawa kujerar na ƙi.

Game da rubutu, an so sakatare ya fara da adadin mahalarta, sannan e, a'a da masu ƙauracewa, kowanne daban. Wanda ya fice daga zaure kafin ƙuri'a a rubuta ficewarsa, domin tana iya rage adadin mahalarta.