Yaya zan sanar da abokin ciniki jinkiri ba tare da na tona asirinsa ba?

'Yan'uwa, ina neman shawara. Muna gina wa wani kamfani shafin intanet na sayar da kaya. Alkawari ran 10 ga Maris ne, yanzu ba zai yiwu ba. Dalili shi ne ba mu samu lambobin shiga na tsarin biyan kuɗi ba, kuma sai kamfanin ya kammala tantance takardunsa ake bayarwa. Jami'in da muke hulɗa da shi ne ya riƙe takardun mako uku, ga shi dole shugabansa ya ga wasiƙar da zan rubuta ta sanar da jinkirin.

Ga abin da na rubuta: "Ranka ya daɗe, an kammala zane da rumbun kaya. Saura haɗa biyan kuɗi, wanda ke jiran tantancewa. Idan lambobin suka iso ran 14 ga Maris, za mu gwada kwana biyar, mu miƙa ran 21."

Inda na maƙale shi ne "ke jiran tantancewa". Gaskiya ce, amma ba ta nuna daga wajensu ne ba, kuma ina tsoron gobe a ɗora mana laifi. In na fito fili kuwa, na jefa bawan Allah cikin matsala. Shin in fara kiransa ya ga wasiƙar tukuna? Sannan ranar 21 ɗin, in bar ta da sharaɗi, ko in ba da tsayayyar rana mai ɗan rara?