Sigina a cike, amma waifai na kwanciya idan ɗakuna biyu suka hau

Mai Kafe: Salam 'yan uwa. Rauta tana tsakar gida, kwamfutoci na ɗakin gabas da na yamma. Kowane ɗaki shi kaɗai lafiya lau, sigina a cike. Amma da zarar sun fara tura fayil tare, sai abu ya kwanta. Ina mafita?

Na Fagge: Datarka ce ta ƙare, maigida. Sake lodi.

Mai Kafe: Tsakanin kwamfutocin ne da sabarmu ta gida, babu ruwan data.

Maman Hanif: Ina jin karo suke yi. Waifai ba ya iya magana da sauraro lokaci guda, don haka mai turawa ba ya jin an yi karo. Amsar ACK, wato shaidar saƙo ya iso, yake jira daga rauta, in bai ji ba ya sake turawa. Canja tasha ka gani.

Injiniya: Hajiya ta kama hanya, sai dai canja tasha maganin cunkoson maƙwabta ne, wannan kuwa rigimar cikin gida ce.

Kafin na'ura ta tura, tana kasa kunne. In iska ta yi shiru, sai ta zaɓi lamba da ka tsakanin 0 da 15, ta ƙirga ƙasa, kowane taki mikrosakan 9. Wadda ta riga kai sifili ta tura, sauran su dakatar da ƙirgarsu. In ACK bai zo ba, zangon ya ninka zuwa 31, 63, har 1023.

To duk wannan dabara sai in suna jin juna. Naka gabas da yamma kowa na jin rauta, amma katangu sun hana su jin juna, kowa ya ɗauka fili babu kowa. Duba lissafin: bayit 1500 a gudun megabit 6 na cin kusan mikrosakan 2000, alhali jiran farko bai wuce 135 ba. Duk lambar da suka zaɓa, ɗaya zai faɗa tsakiyar maganar ɗaya, rauta ta kasa fahimtar kowa.

A kwamfutar da ke turawa, in Linux ce, duba `tx retries`, wato yawan sake turawa, lokacin da ɗaya ɗakin ke shiru, da lokacin da yake turawa:

```
iw dev wlan0 station dump
sudo iw phy phy0 set rts 500
```

Layi na biyu ya kunna RTS/CTS ga saƙon da ya wuce bayit 500: na'ura ta nemi izini da ɗan gajeren saƙo, rauta ta amsa kowa ya ji, har wanda ke ɓoye ya yi shiru.

Mai Kafe: Na sa 500 a rautar, ban ga canji ba.

Injiniya: Na rauta abin da ita ke turawa kawai ya shafa. Sai an saita a kwamfutocin, wayoyi kuwa yawanci ba sa ba da wannan damar. Kuma neman izinin na cin ɗan gudu.

Maman Hanif: Ni dai da ni ce, ƙanena, waya zan ja zuwa ɗakin yamma in sa masa rauta ta biyu a wata tasha.

Injiniya: Zai yi, in akwai kuɗin. Amma turo mana lambobin `tx retries` tukuna, don injin ɗumama abinci kusa da rauta ma na hauhawar da su a zangon gigahaz 2.4.