Lissafin NPV ya ba ni amsa uku, in karɓi aikin ko in ƙi?

Assalamu alaikum. Ina auna sayen injin casar shinkafa na naira miliyan 5, lissafin ya cije min. Ribar da nake sa rai ba ɗaya ba ce kowace shekara: miliyan 1 a shekarar farko, sai 1.5, sai 2.5, ta huɗu 3.2. Kuɗin ruwan da nake ragewa da shi kashi 20 cikin ɗari ne.

Da hannu na raba kuɗin kowace shekara da 1.2, 1.44, 1.728 da 2.0736. Jimilla ta zo 4,864,969, na cire miliyan 5, ya rage -135,031. Ƙa'idar da na sani ita ce in NPV ya gaza sifili a ƙi aikin.

A Excel na zuba kuɗin saye a B1 da alamar ragi, sauran a B2 zuwa B5:

```
=NPV(20%,B1:B5)
```

Ya ba ni -112,526. Na sake duba lambobin, ba kuskuren bugawa.

Abokin kasuwancina kuma ya ɗauki matsakaicin shekarun huɗu, miliyan 2.05, ya ninka da 2.5887 na teburin kuɗin da ke shigowa daidai wa daida. Da ya cire miliyan 5, nasa ya fito ribar kusan 306,800, yanzu ya dage mu saya. Wannan ne ya fi damuna, domin kuɗin namu masu kauri a ƙarshe suke zuwa.

Don Allah, a cikin ukun nan wanne ne NPV na gaskiya da za mu yanke shawara a kansa?